Zuwa Ga Yarana Na Gareji: Yadda Ake Bi Da Notin Da Ya Cije

Assalamu alaikum, yarana.

Na rubuta muku wannan ne domin abin da zan faɗa ya fi ƙarfin bayanin tsaye a gindin mota, ga ƙarar inji, ga mai mota yana jira. Ku karanta shi a natse, manyanku su karanta wa waɗanda karatu bai zauna musu ba tukuna. Magana ce a kan noti idan ya cije ya ƙi kwantuwa, da abin da ake fara yi, da abin da ake bari sai ƙarshe.

Kusan dukanku kun san dabarun. Kun san ana fesa mai, ana bugu da guduma, ana ƙara fayif a sifana, ana sa wuta, ana yanka. Abin da nake ganin yana kuɓuce muku shi ne jerin. Yaro zai fara da fayif, ya cinye kusurwoyin noti, sannan ya tuna da mai. Wani zai jiƙa wuri sharkaf da mai, nan take ya jawo wuta. Dabarun duk daidai ne, amma an sa na baya a gaba, kuma kowace dabara da aka yi kafin lokacinta tana lalata wadda ya kamata ta biyo ta.

Ga ƙa'idar da duk jerin ya ginu a kai. Duk sanda kuka tsaya gaban noti mai taurin kai, abu biyu kuke karewa: kusurwoyi shida na notin, domin su ne kaɗai mariƙinku, da kuma ƙarfen da notin ya hau, ko bol ne ko sitod. Noti kansa ba abin tausayi ba ne, ana canza shi cikin minti ɗaya. Sitod da ya karye a cikin kan silinda kuwa aikin yini ne, wani lokaci sai an sauke kan gaba ɗaya an huda an sake yanka tiredi. Saboda haka ana farawa da matakin da ba ya ɓata komai, a bi a hankali zuwa wanda ke ɓata noti, kuma ba a taɓa zaɓar matakin da zai ɓata sitod matuƙar akwai wata hanya.

Domin kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. Mota ce mai silinda huɗu, kan silindarta na alminiyom, manifol ɗin salansa na baƙin ƙarfe, an ɗaure shi da notuna a kan sitod M8, wato mai kaurin milimita 8. Notin na sifana 13 ne, a motocin Japan kuma sau da yawa 12. Gasket ya ƙone, hayaƙi yana fita, dole a cire manifol. Notuna sun kwance sai guda ɗaya na can gefe. Na zaɓi wannan ne domin a nan aka fi karya sitod: wurin yana zafi yana sanyi kullum, ruwa yana fantsama, ƙarfen kuma siriri ne.

Kafin ka ɗauki kowane ƙarfe, ka duba. Haska fitila ka kalli notin da kyau, ka tambayi kanka me ya riƙe shi. Ba kowane noti da ya ƙi juyawa tsatsa ce ta kama shi ba. Akwai wanda aka soka masa fin ta cikin ramin bol, datti ya rufe fin ɗin. Akwai wanda aka lanƙwasa masa wosha a gefe, akwai wanda aka doke leɓensa ya shige cikin tsagin shaf, kamar notin tsakiyar ƙafar gaba a motoci da yawa. Akwai wanda aka shafa wa gam ɗin tiredi, wanda nau'insa mai jan launi ba ya saki sai ya ji zafi wajen digiri 250. Akwai kuma mai tiredin hagu, wanda kai kana ganin kwancewa kake yi alhali ɗaurewa kake ƙara yi. Za ku gamu da shi a notunan tayar ɓangaren hagu na wasu manyan motoci, inda akan buga harafin L a kan sitod, da notin fanka na wasu injuna. Idan tiredi ya leƙo a bayan noti, kalli inda ya karkata, zai gaya maka. Haka nan idan kana kwance ƙarƙashin mota kana miƙa hannu ta bayan noti, hagu da dama suna juye maka, sai ka tsaya ka lissafa kafin ka ja.

A aikinmu na manifol babu fin, babu gam, tiredin dama ne. Amma akwai wani abu da yara suke mantawa. Da kuka kwance sauran notunan duka, manifol ɗin da zafi ya ɗan karkatar da shi ya saki nauyinsa da tankwararsa duka a kan wannan noti guda. Ku mayar da na kusa da shi guda biyu ku ɗaure su daidai, su karɓi kayan. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa.

Sai wanki. Ɗauki buroshin waya ka goge tiredin da ya leƙo, ka goge gindin noti inda ya zauna a kan manifol, ka goge kusurwoyinsa har ka ga ƙarfe. Dalili biyu ne. Na farko, tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye, shi ya sa take cika ɗan sararin da ke tsakanin tiredin noti da na sitod ta matse su. Ɓawon da ke waje kuma ya toshe ƙofar da mai zai bi, in ka fesa a kansa ɓawon ne zai sha. Na biyu, ko notin ya motsa, ta kan wannan tiredi na waje zai bi ya fita. In ka bar shi da tsatsa, noti zai kwashe ta ya cusa cikinsa, ya sake cijewa a rabin hanya, kuma a nan ne sitod da yawa suke karyewa, bayan yaro ya riga ya saki jiki yana ganin ya ci nasara.

Bayan wanki sai mai. Man kashe tsatsa na fesawa nake nufi, mai ruwa-ruwa wanda ke bin tsagi. Baƙin mai da giris sun yi kauri, ba za su shiga ba. Fesa a inda tiredi ya shiga noti da kuma gindinsa, kaɗan ya isa, domin abin da ya zuba ƙasa bai yi maka aikin komai ba. Abin da man yake buƙata lokaci ne. A ba shi ko da kwata ɗin awa, a sake fesawa, a je a yi wani aiki. In an san gobe za a taɓa salansar tsohuwar mota, tun yau da yamma a goge a fesa a bar ta ta kwana. Na sani mai mota yana tsaye, kuma kuna jin kunyar a ga kamar kun zauna. Ku gaya masa gaskiya cikin ladabi: Alhaji, ko Hajiya, notin nan ya ci tsatsa, in muka matsa masa yanzu zai karye motar ta kwana a nan. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa wannan bayani ya ce a karya ba.

Yayin da man yake aiki, a taimaka masa da bugu. A nan ma akwai hankali. Ba a dukan kan sitod, domin bakin tiredi zai baje, noti ba zai fita ba ko ya kwance. Gefen noti ake bugu, a kan shafaffen ɓangarensa, ba a kan kusurwa ba. In akwai wuri, ka tokare ɗaya gefen da babbar guduma, ka riƙa bugun wannan gefen da ƙarama, domin ƙarfin ya tsaya a cikin noti maimakon ya lanƙwasa sitod. In wuri ya matse, sa ƙarfe mai shafaffen baki ka buga ta kansa. Bugu ne gajere mai kaifi, da yawa, ba na huce haushi ba. Tsatsa abu ce mai gautsi, girgiza tana farfasa ta, kowace tsaga kuma hanya ce ga mai. Buga, fesa, jira.

Yanzu ne za a ɗauki abin kwancewa, kuma a nan nake so ku fi mai da hankali, domin kuskuren wannan mataki ba ya gyaruwa. Sifana mai buɗaɗɗen baki kusurwa biyu kawai take kamawa, kuma bakinta yana buɗewa idan aka matsa. Sifanar da ake ƙara wa baki da ragewa ta fi ta muni. Filaya kuwa kada ma ta zo kusa. Abin da ake so shi ne soket mai kusurwa shida, in babu wurin soket sai sifana mai zobe, ita ma in da hali mai shida. Mai kusurwa goma sha biyu tana da daɗin sawa a matsattsen wuri, amma bakin kusurwoyin noti kawai take taɓawa, kuma su ne tsatsa ta fara ci. Soket ya shiga har gindi, ya zauna a miƙe. In ka girgiza shi ka ji yana wasa, tsaya. Notin 13 da tsatsa ta zaizaye ba 13 ba ne kuma. Gwada soket na rabin inci, wanda yake milimita 12.7, ka buga shi da guduma ya shiga. In shi ma yana wasa, sauka zuwa 12. Soket da aka buga ya shiga da ƙyar ya fi wanda ya shiga salin-alin yana rawa, nesa ba kusa ba.

Kafin ka ja, sa alli ko ɗan fenti ka ja layi ɗaya daga kan sitod ya hau kan noti. Wannan layin zai gaya maka abin da hannunka ba zai iya rarrabewa ba.

Motsin farko ɗaurewa ne, ɗan kaɗan, gwargwadon abin da za ka ji ya nuna alamar motsi. Dalilin shi ne ɓangaren tiredin da ke bayan noti ta wajen fita cike yake da datti, ɗan motsin nan na baya kuma yana karya kamun tsatsa ba tare da ka tura noti cikin dattin ba. Daga nan sai ka juyo wajen kwancewa. Hannu ɗaya ya dafe kan soket kada ya karkace, ɗayan ya ja. Jawowa ake yi zuwa jiki, ba turawa ba, domin in noti ya saki ba zato, mai turawa yatsunsa ne za su daki inji. In dole sai an tura, a tura da tafin hannu a buɗe. Ƙarfin kuma a hankali ake ƙara shi, ba fizga ba.

Ku saurara, ku kuma ji da hannu. Noti mai shirin saki yana tsayawa ƙyam, sannan ya yi ƙara ƙas ko ya yi ƙugi, ya motsa. Wannan albishir ne. Abin tsoro shi ne ka ji sifana tana tafiya da laushi, shiru, ba ƙara, kamar kana murɗa ɗanyen reshe. A nan ƙarfe ne yake murɗewa, saura ƙiris ya tsinke. Saki nan take ka kalli layin allinka. In layin noti ya rabu da na sitod, noti ne ya juya, madalla. In layin yana nan a haɗe amma duka sun juya, abu biyu ne: ko sitod yana fitowa daga kan silinda tare da notinsa, ko yana murɗewa a tsakiya. Mai fitowa yana yin ƙara, yana ƙara sauƙi, kuma za ka ga sarari ya fara buɗewa a gindin noti. Wannan ba matsala ba ce, bar shi ya fito, a raba su a kan benci ko a sa sabo. Mai murɗewa kuwa ba ya buɗe sarari, kuma in ka sassauta hannu sai ka ji sifana ta ɗan dawo baya.

In noti ya motsa, kada murna ta sa ka zarce. Kwance kwata ɗin zagaye, mayar da rabin abin da ka kwance, fesa mai, sake kwancewa. Za ka ga ruwan tsatsa ja yana fitowa, dattin ne yake barin tiredi. Duk sanda ka ji ya fara tauri, koma baya. In noti ya yi zafi a hannu saboda gogayya, bar shi ya huce. Akwai nau'i guda da wannan ba ya yi wa magani: bol da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin farin nan da ake sawa a wasu salansa. Shi in ya fara cijewa, tiredin ne yake yagewa yana mannewa da juna, kowane juyi ƙara kama shi yake yi. In ka ga wuri fes babu tsatsa amma noti yana ƙara tauri, kada ka ɓata lokaci, wuce kai tsaye zuwa yanka.

To, in an yi duk wannan bai motsa ba fa? A nan ne hannunku yake zuwa kan fayif, kuma a nan nake so ku riƙe lissafi guda ɗaya. Ƙarfin murɗawa shi ne ƙarfin hannunka a ninka da tsawon abin da ka riƙe. Bol M8 mai lamba 8.8 a kansa ana ɗaure shi wajen 25 a awon ƙarfin murɗawa da ake kira Nm, kuma sabonsa ma yana iya tsinkewa kafin a kai 40. In ka ja da ƙarfin kilo 20 a kan sifana mai tsawon santimita 20, ka riga ka kai wajen 40 ɗin. Wato da sifanar hannu kaɗai, ba fayif, kana iya karya shi. Ka zura fayif mai tsawon mita ɗaya ka ja da wannan ƙarfin dai, ka ba shi wajen 200, ninki biyar na abin da zai iya ɗauka, ga shi kuma tsoho ne wanda zafi da tsatsa suka rage masa ƙarfi. Saboda haka a kan M6 da M8, babu fayif a garejin nan. Masu ƙera sifana da gangan suka yi ƙananan gajeru, manyan dogaye.

Dogon hannu yana da wurinsa, a kan manyan notuna irin na taya da na tsakiyar ƙafa da na ƙarƙashin mota, inda bol ɗin yake da kaurin da zai jure. Ko a can, a sa shi a kan sandar soket mai ƙarfi, kada a sa a kan raci, domin haƙoran cikinsa za su zube. Mota kuma ta zauna a kan abin tokare mai kyau, ba jak kaɗai ba, kada jan da kake yi ya sauko da ita. Bindigar iska ma a kan manyan take da amfani, domin bugunta yana farfasa tsatsa, amma da baƙin soket nata. Farin soket na hannu yana iya tarwatsewa a kanta. A kan sitod ɗinmu na manifol ba na son ganinta, domin ba ta barin hannu ya ji lokacin da ƙarfe ya fara murɗewa.

Ga ƙaramin noti, abin da ke bin mai da bugu shi ne wuta. Ba yaron da zai kunna wuta a kan mota sai ni ko babbanku yana tsaye. Dalilin da wuta take aiki shi ne ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. In noti ya fi sitod zafi da digiri 300, raminsa na milimita 8 zai ƙaru da wajen milimita 0.03, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, amma ya isa ya farfasa tsatsa ya saki tiredi. Ku lura da sharaɗin: noti ya fi sitod zafi. In ka tsaya kana gasa wurin a hankali har duka biyun suka yi zafi ɗaya, tare suka buɗe, ribar ta ragu. Shi ya sa ake son ƙaramin harshen wuta mai kaifi, a ɗora shi a gefen noti, a yi sauri, a sa soket tun yana da zafi.

Kafin a kunna, a goge man da aka fesa tas, domin yana kamawa da wuta. Wannan ne ya sa nake cewa kowane mataki a gama da shi kafin a shiga na gaba. A duba abin da ke kewaye: bututun fetur, wayoyi, robobi, tiyon birki, na'urar da ke jikin salansa. Abin da ba ya ciruwa a kare shi da falle na ƙarfe. Abin kashe gobara ya kasance a kusa da hannu, ba a cikin ofis ba. In an wanke wurin da maganin wanke birki na fesawa, kada a kawo wuta, domin wasu nau'o'insa in suka haɗu da wuta suna fitar da iska mai guba wadda kaɗan ɗinta yake lalata huhu. Akwai kuma wuraren da ba a sa wa wuta ko kaɗan: kusa da tankin mai, jikin shokazoba mai gas, bol-joyin da ke cike da giris wanda kan iya fashewa, da notin taya muddin taya tana jikin rim, domin zafi yana bin rim ya shiga tayar ta fashe, ko da an riga an ɗauke wutar.

A aikinmu, haɗarin yana bayan manifol. Baƙin ƙarfe yana gaya maka zafinsa da launi, yana fara yin ja-ja a duhu wajen digiri 600. Alminiyom ba ya canza launi, yana nan fari har ya narke a wajen 660. Saboda haka harshen wuta ya kalli noti daga gefe, kada ya kalli kan silinda. Da noti ya fara nuna ja mai duhu, ya isa, ɗauke. Kada a kai shi ja mai haske, domin a nan ya yi laushi, soket zai murje kusurwoyinsa, sitod ɗin ma ya yi laushi ya murɗe cikin sauƙi. Sa safar hannu ta fata, ɗora soket, ɗan ɗaure, kwance, kamar dai yadda aka yi a baya. In bai motsa ba, bar shi ya huce har mai ya daina hayaƙi a kansa, fesa, buga, jira, goge, sake sa wuta. Zafi da sanyin nan da ake maimaitawa su ne suke cin tsatsar. Zagaye biyu ko uku sun isa a gane ko zai saki.

Duk notin da ya sha wuta ya gama aiki, a jefar. Ƙarfin bol mai lamba 8.8 ko 10.9 daga gashin da aka yi masa a masana'anta yake, kuma zafin da ya wuce digiri 400 da wani abu yana warware wannan gashin. In a sitiyari ne ko birki ko ƙafa, bol ɗin ma a canza shi, ko da ido yana ganinsa lafiya lau.

In wuta ba ta yi ba, ko wurin bai yarda a sa wuta ba, ko kusurwoyi sun riga sun cinye, lokacin sadaukar da noti ya yi. Kada ku ɗauki wannan a matsayin kasawa, shawara ce ta mai hankali, kuma gara a yanke ta da wuri. Hanya mafi tsabta ita ce abin tsaga noti, zoben nan mai haƙori da ake ɗaurawa har noti ya tsage. Haƙorin ya zauna a tsakiyar shafaffen gefe, inda naman noti ya fi siranta. In babu shi ko wuri bai isa ba, a yanka gefe ɗaya da zarton ƙarfe ko ƙaramin giranda, a bi tsawon sitod, a tsaya kafin a taɓa tiredi. Sauran siririn naman da ya rage, sai a sa cizal a tsagar a buga, noti zai buɗe baki ya saki. Tabarau a ido, kuma a san inda tartsatsi yake zuba. Wasu suna sa cizal a gefen noti su riƙa kora shi wajen kwancewa. Yana yi a kan babban bol, amma a kan M8 bugun gefe yana lanƙwasa sitod, don haka a tokare bayansa ko a bar wannan hanya.

Akwai kuma walda, wato a ɗora babban noti a kan wanda ya cinye a cika cikinsa, a samu sabon mariƙi da zafi a lokaci guda. Ita ce kuma hanyar farko idan sitod ya riga ya karye ya bar ɗan guntu. A cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aiki. In abin ya kai nan, ku kira ni kafin kowa ya ɗauki abin huda, domin rami ɗaya da ya kauce daga tsakiya a cikin alminiyom ya fi karyewar sitod ɗin wahalar gyara.

Noti ya fita, saura sitod. Goge shi da buroshi, ka kalle shi a haske. In ka ga ya sirance a wani wuri, ko tiredinsa ya miƙe ya yi nisa da juna, ko a ɗazu ka ji laushin nan a hannunka, canza shi yanzu da manifol yake a sauke. In lafiya yake, bi tiredin da abin gyaran tiredi na M8, sabon noti ya shiga da yatsu har gindi ba tare da sifana ba. Noti na salansa ake sawa, irin mai ruwan tagulla, ba mai roba a ciki ba, domin robar za ta narke. A shafa ɗan man tagulla mai jure zafi a tiredi, a tuna cewa tiredi mai mai yana ɗauruwa fiye da busasshe a kan awo ɗaya, saboda haka a bi abin da littafin motar ya ce, kada a ƙara. A ɗaure da sifanar awo, daga notunan tsakiya zuwa na gefe, a zagaye biyu.

Daga gobe, duk wanda noti ya cije masa, kafin ya zo wurina ya tabbata ya duba, ya goge, ya fesa, ya buga, ya ja layin alli, domin abin da zan fara tambaya ke nan. Fayif ɗin da ke jingine bayan benci kuma na sa an ɗauke shi an kai ofis, mai bukatarsa ya zo ya gaya mini girman bol ɗin tukuna.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare hannuwanku da idanunku.

Maigidanku.